Yadda Ake Tace Gyare-gyaren Mutane Da Yawa A Takarda Ɗaya Har Ta Fito Tsaf

Ina da shagon buga takardu a Kano, kuma aikin da ya fi dawo mini ba bugun farko ba ne, aikin tace gyara ne. Ƙungiya ko ofis za su rubuta takarda a Word, su ɗora ta a OneDrive ko su riƙa miƙa wa juna, kowa ya shiga ya yi nasa gyaran da Track Changes, mai sa alama a kan kowane gyara, a kunne, ya bar sharhi a gefe. Bayan mako biyu sai a kawo mini ita ta yi jawur kamar an yanka kaza a kanta, a ce: “Malam, a fitar mana da mai tsabta, gobe za a sa hannu.”

Zan bi aikin daki-daki da takarda ɗaya da na yi kwanan baya, wato dokokin wata ƙungiyar taimakon kai da kai ta 'yan kasuwar atamfa. Shafi 22 ce, kuma mutum huɗu suka taɓa ta: shugaban ƙungiyar, da ma'aji, da lauyansu, da wani malamin Hausa da suka roƙa ya duba musu ƙa'idar rubutu. Sakataren ne ya kawo mini. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, kowane jan layi a takardar shawara ce da wani ya kawo, kuma danna Accept yanke hukunci ne a kanta. Mafi yawan hukuncin masu sauƙi ne, ana iya yanke su a dunƙule. Kaɗan ne masu nauyi, kuma waɗannan ba na mai kwamfuta ba ne. Dukkan dabarar ita ce raba waɗannan da waɗancan.

Rufe ƙofa tukuna

Kafin ka taɓa komai, a dakatar da gyara. In takardar tana OneDrive kuma har yanzu mutane na da damar shiga, kana tacewa daga sama wani yana ƙara sabo daga ƙasa, ba za ka taɓa gamawa ba. Na ce wa sakatare ya sanar a zaurensu na WhatsApp cewa an rufe gyara daga ƙarfe takwas na dare, sannan ya mayar da damar kowa zuwa kallo kawai. Daga nan na sauke fayil ɗin zuwa kwamfutata, na yi masa kwafi biyu. Na farko na sa masa suna da kwanan wata da kalmar “asali”, na ajiye a wani folda, ban sake buɗe shi ba sai don dubawa. Na biyun shi ne na aiki.

Wannan kwafin na asali shi ne shaidarka. Da zarar ka karɓi gyara ka adana ka rufe fayil, Ctrl+Z ba zai dawo maka da shi ba, kuma sunan wanda ya yi gyaran ya tafi tare da jan layin. Ranar da wani zai zo ya ce “ni ban ce a cire wannan ba”, can za ka koma ka nuna masa sunansa da lokacin da ya yi.

Ka ga komai kafin ka yanke komai

Ka shiga Review. Akwai wani ɗan akwati kusa da Track Changes da ke da zaɓi huɗu: Simple Markup, All Markup, No Markup da Original. Ka sa shi a All Markup. A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, don in ka zaɓi No Markup takarda za ta yi fes, ba ja ba kore, sai mutum ya zaci ya gama. Labule kawai aka ja. Gyare-gyaren suna nan daram, kuma wanda ka tura wa yana buɗewa zai gan su, har da maganganun da aka yi a sharhi. Masu tsohon Word na 2007 ko 2010, waɗanda har yau suna da yawa a shagunan garin nan, za su ga sunayen sun bambanta: Final ne ke ɓoyewa, kuma wanda ke nuna komai yana ɗauke da kalmar Markup a sunansa.

Sannan ka danna Show Markup ka tabbatar komai na ciki yana da alamar maki, kuma a ƙarƙashin Specific People an zaɓi All Reviewers. Sai ka buɗe Reviewing Pane. A samansa Word zai ba ka jimillar gyare-gyaren, in ka buɗe ɗan kibiyar kusa da lambar zai rarraba maka su: nawa aka ƙara, nawa aka goge, nawa aka matsar, nawa ne na tsari. A takardarmu na tarar da 412, da sharhi 37. Na rubuta lambobin a takarda na ajiye gefe, don da su zan riƙa auna ko ina ci gaba.

Ka tsaya ka duba jerin sunayen da ke Specific People da kyau. Word ba ya sanin mutum, sunan da aka sa wa manhajar a kwamfutar kawai yake ɗauka, wanda ke File, Options, General, User name, ko sunan asusun da aka shiga da shi. Mutum huɗu suka yi gyara amma sunaye biyar na gani, ɗaya daga ciki “User” ne kawai. Da na tambaya, ashe ma'aji ya fara a wayarsa, ya ƙarasa a wani shago kusa da kasuwa. Sau da yawa kuma akasin haka ake samu: mutum biyu su yi aiki a kwamfuta ɗaya, gyaransu ya fito da suna ɗaya. In haka ta faru, kada ka dogara da suna wajen karɓa a dunƙule. Launi ma kada ka dogara da shi. Word ne ke raba wa masu gyara launi da kansa, kuma wanda ya fito ja a kwamfutarka yana iya fitowa shuɗi a ta wani. In kuna magana ta waya, ka ce “gyaran Barista a sashe na 7”, kada ka ce “jan nan”.

Wa ke da ta cewa a kan me

Wannan matakin ba a kwamfuta ake yin sa ba. Na zaunar da sakatare na tambaye shi: in biyu suka saɓa, maganar wa za a bi? Muka tsaida cewa ƙa'idar rubutu da harafi na malamin Hausa ne, kalmomin shari'a na lauya ne, lissafi na ma'aji ne, amma duk abin da ya shafi kuɗin da mambobi za su biya ko ikon shugabanni sai an koma ga abin da taron ƙungiya ya zartar. Minti goma muka yi. Ba don wannan ba, da kowane saɓani sai na ɗaga waya, ko kuma, wanda ya fi muni, na zaɓa musu da kaina.

Fara da ƙaiƙayi

Gyaran tsari shi ne ya fi cika gefen shafi kuma shi ne mafi ƙarancin haɗari: wani ya ƙara kaurin kan magana, wani ya canza girman harafi, wani ya matsar da sakin layi. Ka koma Show Markup, ka cire makin Insertions and Deletions, ka bar Formatting kaɗai. Yanzu gyaran tsari ne kawai ke bayyane. Ka gangara da ido ka ga irin abin da aka yi. In ya yi maka, ka danna ɗan kibiyar da ke ƙarƙashin Accept ka zaɓi Accept All Changes Shown. Ka karanta kalmar ƙarshen nan sau biyu kafin ka danna. Accept All Changes Shown na karɓar abin da ke bayyane ne kawai, amma Accept All Changes, wanda ke daf da shi, yana haɗiye duka, har waɗanda ka ɓoye. Tazarar da ke tsakaninsu a allo ba ta kai faɗin farce ba. In hannunka ya zame, ka danna Ctrl+Z nan take.

Ni a wannan takardar ƙin karɓar gyaran tsarin na yi gaba ɗaya, da Reject All Changes Shown, domin mutum uku sun canza harafi kowa da son ransa, shafi ɗaya yana da salo uku. Gara a koma tsarin farko, in gyara da kaina a ƙarshe. Lambar ta sauko daga 412 zuwa 318.

Sai na mayar da makin Insertions and Deletions, na shiga Specific People, na cire makin All Reviewers, na bar malamin Hausa shi kaɗai. Gyaransa ya fi na kowa yawa: “k” zuwa “ƙ”, “d” zuwa “ɗa”, raba “zai yi” da aka haɗe, wakafi da aya. Amma ban karɓa ido rufe ba. Na bi da Next ina karantawa da sauri, ina neman inda ya wuce harafi ya taɓa ma'ana. Na sami wuri huɗu. A ɗaya ya mayar da “zai iya biya” zuwa “zai biya” don jimlar ta fi daɗin karantawa, alhali na farko zaɓi ne, na biyu wajibi. A dokar ƙungiya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Waɗannan huɗun na ƙi karɓarsu ɗaya bayan ɗaya, na rubuta su a takardata don in nuna wa lauya, sannan na karɓi ragowar da Accept All Changes Shown.

Akwai tarko ɗaya a nan da ya kamata a sani. Idan ka ɓoye sauran masu gyara, ba ka ganin alamar abin da suka yi a wurin da kake kallo. Malamin ya gyara kalmomi shida a wani sakin layi da lauya ya goge ɗungurungum. Karɓar nasa bai yi ɓarna ba, don gogewar lauya tana nan tana jiran hukunci, amma ya nuna cewa ware mutum ɗaya ya dace ne da ƙananan gyara kawai. Masu nauyi sai kowa yana bayyane.

Sharhi kafin gogewa

Yanzu ka mayar da All Reviewers. Kafin ka fara karɓar manyan gyara, ka karanta sharhin duka daga farko zuwa ƙarshe. Dalili biyu ne. Na farko, sharhi ne ke gaya maka me ya sa aka yi gyaran. Na biyu, sharhi a jikin kalmomi yake rataye, in ka karɓi gogewar kalmomin da yake rataye a kansu, shi ma zai bi su. Na taɓa rasa bayanin wani mai bita ta haka, sai da na koma kwafin asali na nemo shi.

Da na karanta 37 ɗin sai na ga kala uku ne. Akwai waɗanda ba sa neman komai, irin “Madalla” da “wannan ya yi”. Su goma sha ɗaya ne, na goge su nan take. Akwai masu neman a yi wani abu da ba a yi ba tukuna, kamar na ma'aji da ya rubuta “a ƙara ranar rufe littafin shekara”. Wannan shi ne mafi saurin salwanta, don babu jan layi a cikin rubutun da zai tuna maka; mutumin ya faɗa ne bai rubuta ba. In ka goge sharhin ba ka yi aikin ba, shi ke nan ya tafi. Kala ta uku tambayoyi ne da gardama tsakanin masu gyara, wani ya faɗa wani ya amsa a ƙasansa.

Ga masu neman aiki, nakan yi gyaran da Track Changes a kunne, don sakatare ya ga abin da hannuna ya ƙara, sai in danna Resolve a kan sharhin. Resolve ba ya gogewa. Yana dusashe sharhin ne ya nuna an gama da shi, kuma ana iya sake buɗe shi. Wannan shi ne amfaninsa a tsakiyar aiki: kana ganin abin da ya rage. Amma ka riƙe a ranka cewa sharhin da aka yi wa Resolve yana cikin fayil har yanzu, kuma a ƙarshe sai an goge shi.

Inda aka yi karo

Ragowar gyare-gyaren, kimanin casa'in, na bi su ɗaya bayan ɗaya daga shafin farko. Ka sa alamar rubutu a farkon takarda da Ctrl+Home, ka danna Next, ka karanta jimlar gaba ɗaya, ba kalmar da aka ja wa layi kaɗai ba, sannan Accept ko Reject. Kowannensu zai kai ka na gaba da kansa. In ka iso wurin da ba kai za ka yanke ba, ka danna Next ka wuce shi, ka rubuta lambar sashen. Canza kalma ɗaya yakan zama gyara biyu a wurin Word, gogewa ɗaya da ƙari ɗaya. In ka karɓi ƙarin ka ƙi gogewar, tsohuwar kalma da sabuwa za su zauna kafaɗa da kafaɗa. Hanya mafi aminci ita ce ka zaɓi duka biyun da maus, ka danna Accept sau ɗaya.

Ga wurin da ya sa nake ƙin Accept All Changes a takardar mutane da yawa. Sashe na 5 yana cewa kowane mamba zai biya naira 2,000 a wata. Ma'aji yana son 3,000, sai ya goge “2” ya rubuta “3”. Shugaba yana son 2,500, ya buɗe a waya, bai lura da ɗan layin da ke kan “2” ba, sai ya goge sifilin farko ya rubuta “5”. Kowannensu gyaransa daidai yake a nasa tunanin. In ka karɓi duka biyun, abin da zai fito shi ne 3,500, kuɗin da babu wanda ya ambata, kuma jimlar za ta karantu lafiya lau, ba abin da zai ja hankalinka. Da an sa hannu a haka, da sai ranar karɓar kuɗin wata za a gane.

Yadda ake kama irin wannan: duk inda launi biyu suka haɗu a kalma ɗaya ko lamba ɗaya, ka tsaya. Ka ɗora maus a kan kowane gyara, Word zai nuna sunan mai shi da lokacin da ya yi. Ka juya zuwa Original ka ga yadda jimlar take tun farko, ka juya zuwa No Markup ka ga yadda za ta zama in an karɓi duka, sannan ka dawo All Markup. Wannan ne ainihin amfanin No Markup, leƙe ne, ba sharewa ba. Na kira sakatare na ce: “Malam Sakatare, nawa taro ya tsaida?” Ya buɗe littafin bayanin taro ya ce 2,500. Duk da haka na ce ya sanar da ma'aji kafin in taɓa. Ya kira shi a gabana: “Ranka ya daɗe, a sashe na biyar abin da aka zartar za a bari.” Ma'aji ya ce ba komai, shawara ce ya kawo. Sai na ƙi nasa, na karɓi na shugaba, na sake karanta lambar da baki.

Wani karon kuma na matsarwa ne. Lauya ya ɗauke sakin layin korar mamba daga sashe na 4 ya kai shi sashe na 11. Word yakan nuna matsarwa da kore, layi biyu a kan inda aka ɗauke, layi biyu a ƙarƙashin inda aka ajiye, kuma hukunci ɗaya ya kamata ya shafi wuraren biyu. Amma ba kullum yake gane ta ba. In mutum ya kwafa ya liƙa sannan ya dawo ya goge na farko, za ta fito a matsayin gogewa dabam da ƙari dabam, shafi tara a tsakaninsu. Mai gaggawa zai ƙi gogewar don yana ganin dokar tana da muhimmanci, ya kuma karɓi ƙarin in ya iso shi, sai dokar ta fito sau biyu. Don haka in ka ga an goge babban yanki ba bayani, ka ɗauki kalmomi uku daga ciki ka nema da Ctrl+F, ka ga ko ƙaura ya yi.

A ƙarshen wannan zagayen wuri tara suka rage da ba ni da ikon yankewa. Ban tura wa mutane takardar duka ba, don da na yi haka da sabon gyara ya ɓarke. Na rubuta taran a shafi guda: lambar sashe, yadda yake da, abin da wane ya ce, abin da wane ya ce. Sakatare ya kai musu bayan sallar La'asar, ya dawo da amsa kafin Magariba.

In wani ya yi nasa a gefe

Kusan kullum akwai wanda zai sauke takardar ya yi gyara a nasa kwafin ya turo ta WhatsApp. A nan mataimakin shugaba ne, kuma bai ma kunna Track Changes ba. Maganinsa yana Review, Compare. In ya yi gyaran ba tare da alama ba, ka zaɓi Compare, ka sa takardar da ya fara da ita a Original document, nasa a Revised document, Word zai fito da bambancin a sabuwar takarda. In da alama ya yi, Combine ne ke haɗa gyaransa da na sauran tare da riƙe sunan kowa, fayil biyu-biyu yake ɗauka, kuma in gyaran tsari ya saɓa zai tambaye ka na wanne za a riƙe, don ba ya iya ajiye duka biyun. Combine tun farko ake yin sa, kafin a fara tacewa. Tunda na mataimakin shugaba ya zo a makare kuma gyara bakwai ne kacal, Compare na yi na gan su, na shigar da hannu waɗanda aka amince da su.

Shara ta ƙarshe

Idan hukunci ya ƙare, ka kashe Track Changes, da maɓallinsa ko da Ctrl+Shift+E, domin gyaran da za ka yi yanzu na share fage ne. In maɓallin ya ƙi kashewa, ko Accept ya dusashe ba ya dannuwa, to an kulle ne da Lock Tracking ko Restrict Editing, sai wanda ya sa kalmar sirri ya buɗe. Ka tabbatar Show Markup ya koma nuna komai da kowa, sannan ka dubi Reviewing Pane: lambar gyara, ban da ta sharhi, sai ta zama sifili. Tawa ta tsaya a 3, na gangara shafukan ban ga komai ba. Ashe biyu suna rubutun saman shafi inda aka canza sunan ƙungiyar, ɗaya kuma a ƙaramin bayanin ƙasan shafi. Danna su a cikin Reviewing Pane ya kai ni wurin. Sannan ka goge sharhin duka: kibiyar ƙarƙashin Delete, Delete All Comments in Document.

Gyaran hannu da yawa yana barin tarkace. Ka danna Ctrl+Shift+8 don alamomin da ba sa fitowa a bugu su bayyana. Za ka ga tazara biyu tsakanin kalmomi, da layuka marasa komai, da sakin layi biyu da suka manne saboda an goge alamar da ta raba su. Tazara biyu Ctrl+H ke maganinta: ka buga tazara biyu a akwatin sama, ɗaya a na ƙasa, Replace All, ka maimaita har ya ce bai sami komai ba.

Lambobin sashe su ne abin da ya fi ba ni tsoro a wannan matakin. An cire sashe na 7 gaba ɗaya, don haka 8 ya koma 7, 9 ya koma 8, da kansu. Amma jimlolin da ke cewa “kamar yadda sashe na 9 ya tanada” da hannu aka buga su, ba su motsa ba. Na nemi kalmar “sashe na” da Ctrl+F, na bi kowanne na duba inda yake nuni. Biyar sun kauce. Jerin abubuwan ciki kuma ka danna masa maus na dama, Update Field, ka zaɓi Update entire table. Bayan haka ka karanta takardar daga farko har ƙarshe kamar ba ka taɓa ganinta ba, zai fi kyau a bugu. A wannan karatun na kama “mamba mamba” da wata jimla da ta rasa aikatau.

Saura binciken ƙarshe. Ka adana, ka yi Save As da sabon suna, sannan File, Info, Check for Issues, Inspect Document. Layin farko na sakamakon shi ne na sharhi da gyare-gyare. In ka yi aikinka daidai zai ce bai sami komai ba. In ya ce ya samu, kada ka danna Remove All don ka huta, domin gyaran da ya rage zai shige cikin rubutu ba tare da ka gani ba. Ka rufe ka koma ka nemo shi. A layin Document Properties and Personal Information kana iya danna Remove All don cire sunayen da ke maƙale da fayil. Amma ka bar layin rubutun sama da ƙasan shafi, don in ka cire shi lambobin shafi za su tafi tare da shi.

Daga wannan fayil ɗin na fitar da PDF, na buɗe shi na duba gefen kowane shafi ko akwai wani ratsi da ya saura. Kada a tura wa mutanen waje mahaɗin tsohuwar takardar da ke OneDrive, don tarihinta yana riƙe da tsofaffin kwafi da duk gardamar da aka yi a ciki. Sabon fayil ake turawa. Sakatare ya tafi da abu uku a filashi: PDF na sa hannu, Word mai tsabta don gyaran gaba, da kwafin asali mai gyara 412 tare da shafin nan na wurare tara da amsar da aka bayar a kan kowanne. Washegari da safe na buga musu kwafi goma sha biyu, ya zo ya karɓa kafin a buɗe kasuwa.